Moton injin casa na zafi kamar garwashi alhali amf bai kai na jikin faranti ba, mene ne matsalar?

Sani Mai Casa:
Assalamu alaikum ƴan uwa masana wuta, dan Allah ku taimaka min. Na sayi moto tiri fes na hannu, kilowat 11, na ɗora wa injin casar shinkafa na, yau sati biyu kenan. In babu kaya yana juyawa lafiya lau ba ƙara ba komai, amma da an buɗe maƙogwaron injin shinkafa ta fara shiga sosai sai ka ji muryarsa ta sauka yana nishi, kafin minti arba'in ba ka iya ɗora hannu a jikinsa, jiya har warin fenti ya fara yi shi ya sa na kashe. Yaron da ya haɗa min ya sa kilam mita ya ga amf 18 a kowane layi, ya ce ai faranti ya rubuta 21 don haka ba a wuce ƙarfinsa ba, moton ne kawai ya tsufa. Obalod ma, mai yanke wuta in amf ya wuce inda aka saita shi, bai taɓa yankewa ba ko sau ɗaya. Ga abin da ke jikin farantin na kwafo yadda yake:

```
11 kW   50 Hz   1460 r/min
Δ/Y   400/690 V   21/12.2 A
cos φ 0.84
```

Garba Wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam Sani wannan lo boltej ne wallahi, wutar yanzu ba ta cika. Ai fes ɗaya 230 ne, fes biyu ya kamata su ba ka 460, to in ka auna ka ga 400 ko 390 ka san an riga an ci maka bolt 60 a hanya, dole moto ya yi zafi.

Sani Mai Casa:
An auna Malam Garba, tsakanin layi da layi 398, 401, 396. Layi da nutural kuma 229 zuwa 231. Muna kusa da taransifoma ne, ba mu fi falwaya uku ba.

Injiniya Hadiza:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Wutarka lafiyarta ƙalau, ba abin da ya ɓata a hanya. Kafin na ce komai ina so ka yi min abu ɗaya: ka kashe babban suwici, ka zare fiyus ɗin ka sa a aljihunka don kar wani ya mayar, a gwada da mita a tabbatar babu wuta, sannan ka buɗe akwatin da ke saman moton inda wayoyi ke shiga. Za ka ga noti shida a jere biyu, uku sama uku ƙasa, da wasu ƴan ƙarafan tagulla da suka haɗa su. Faɗa min ƙarafan a kwance suke sun haɗa jere ɗaya, ko a tsaye suke guda uku kowanne ya haɗa na sama da na ƙasa?

Sani Mai Casa:
Na buɗe Injiniya. A kwance suke, sun haɗa ukun sama gaba ɗaya, wayoyin wuta kuma suna ukun ƙasa. Yaron ya ce da gangan ya yi haka, wai sita ya fi sauƙi ga moto, ya taɓa haɗa wani a delta ya ƙone cikin minti biyar ogansa ya cire masa kuɗin a albashi, tun daga nan ba ya wasa da delta.

Injiniya Hadiza:
To ga matsalar nan, ba tsufa ba ne. An haɗa maka moton a sita alhali a wutarmu ta 400 delta yake so, kuma farantin da kansa ya faɗa, alamar Δ ita ce delta, Y kuma sita.

A cikin moton nan koyil uku ne, kowanne da baki biyu, su ne notin nan shida. Abin da koyil ya sani kawai shi ne bolt nawa ne tsakanin bakunansa biyu da amf nawa ke ratsa shi, bai san sunan haɗin ba. Naka an naɗa kowane koyil don ya sha bolt 400 ya ɗauki amf wajen 12. In aka yi delta, wato bakin wannan ya kama bakin wancan suka yi zobe mai kusurwa uku, kowane koyil yana zaune ne kai tsaye tsakanin layi biyu, sai ya samu 400 ɗinsa cif. In aka yi sita, an ɗaure bakuna uku wuri ɗaya, sauran ukun sun tafi layi, to koyil yana tsakanin layi da wannan mahaɗar ta tsakiya ne, abin da ke kansa 230 kawai. Shi ya sa farantin ya ce sita sai in wutar wurin 690 ce, don 690 in ka raba da 1.73 shi ne zai dawo 400 a kan koyil. Mu kuma ba mu da 690 a falwaya.

Ƙarfin juyin moto kuma ba ya sauka daidai da bolt, da bolt sau bolt yake tafiya. Ka ba shi 230 a maimakon 400, ƙarfin da zai iya bayarwa ya koma kashi ɗaya cikin uku. Shi ne nishin da kake ji in shinkafa ta shiga.

Sani Mai Casa:
Na gane na ƙarfin. Amma zafin fa Injiniya? Ni a tunanina in wuta ta yi masa kaɗan ai sanyi ya kamata ya yi, kuma amf 18 bai kai 21 ba.

Injiniya Hadiza:
Nan ne yaronka ya ruɗe, kuma mutane da yawa nan suke faɗawa. Amf 21 ɗin na layi ne in moton yana delta. A delta kowane layi koyil biyu yake ciyarwa, don haka abin da ke bin waya ya fi abin da ke bin koyil ɗaya sau 1.73, wato layi 21, koyil 12 da ɗan kai. A sita kuwa babu rabawa, wayar da ta shigo koyil ɗaya ta tarar, duk abin da kilam mita ya nuna maka shi ne ke cikin koyil. To amf 18 ɗin nan da kuka gani gaba ɗayansa yana ratsa wayar da aka naɗa don amf 12.2. Lambar da ya kamata ya kwatanta da ita ita ce ta biyun a faranti ba ta farkon ba.

Zafi shi ma da amf sau amf yake tafiya. 18 a kan 12.2 kusan ɗaya da rabi ne, ka ninka shi da kansa ka samu biyu da ɗan ɗori, kenan koyil ɗinka yana haifar da zafi fiye da ninki biyu na wanda aka yi shi ya jure. Ga shi gudun ya ragu, fankar bayansa ma ba ta hura iska yadda ya kamata. Obalod kuma nasan a 21 aka saita shi, shi a wurinsa 18 lafiya ce, zai zuba ido har moton ya ƙone.

Sani Mai Casa:
Wallahi a 21 yake. Innalillahi, ashe da ban ji warin nan ba da yanzu wani zancen ake.

Garba Wayarin:
Injiniya ban ƙi maganarki ba amma ni har yanzu 1.73 ɗin nan bai shige ni ba. Batir biyu na bolt 12 in ka jera su 24 suke ba ka, to me ya hana 230 da 230 su ba da 460? Shekara goma sha ina wayarin ina ganin 400 ko 415 a mita, na ɗauka asara ce ta waya.

Aminu Ɗan Poli:
Oga Garba ni ma haka na ɗauka kafin mu yi shi a aji. Batir wutarsa a tsaye take, ita wannan hawa da sauka take sau 50 a daƙiƙa, kuma fes ukun ba tare suke kaiwa ƙololuwa ba, tsakanin kowanne da na biye digiri 120 ne. Lokacin da fes ɗin jar waya ya kai samansa, na rawayar waya bai kai can ƙasansa ba, yana rabin hanya ne, to tazarar da ke tsakaninsu ba za ta taɓa kai ninki biyu ba. Ka gwada da hannunka: samo tsinken tsintsiya uku ka yanke kowanne santimita 23, ka haɗa gindinsu wuri ɗaya a ƙasa ka baza su daidai kamar duwatsun murhu, sai ka auna daga kan wannan zuwa kan wancan. Santimita 40 za ka gani saura ƙiris. Tsinken shi ne layi da nutural, tazarar kawunan ita ce layi da layi. Da a ce fes biyun suna kallon gabas da yamma ne shi ne za ka samu 46.

Garba Wayarin:
Na gwada da wayar 2.5 yanzu a shago, 39 da rabi da wani abu na samu. To shi kenan na yarda. Amma 415 ɗin da nake gani wani lokaci fa?

Aminu Ɗan Poli:
Shi ne in fes ɗin 240 ne, 240 sau 1.73 ai 415. Taransifomomi da yawa a nan haka aka rubuta a jikinsu. Lissafin ɗaya ne.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum, mu nan wajenmu 220 da 380 muka saba faɗi, kuma motocin da ke zuwa mana wasu 220/380 aka rubuta wasu 380/660. Abin da maigidana ya koya min tun ina yaron shago: duba lambar bolt ta farko a faranti, ƙaramar, ita ce abin da koyil ke iya sha. In ta yi daidai da wutar layi da layi ta garinku yi delta, in babbar ce ta yi daidai yi sita. Wanda yaron Malam Sani ya ƙona ina da yaƙinin 230/400 ne, ƙananan moto na famfo da kwamfaresa yawanci haka suke, ya sa shi delta koyil na 230 ya sha 400. Ba laifin delta ba ne, rashin karanta faranti ne. Kada ku kore shi, ku nuna masa kawai.

Baban Khalifa:
Ni ma tiri fes gare ni a gida, in ja ya ɗauke sai in juya canji-oba zuwa shuɗi. To nawa sita ne ko delta, kuma wanne ya fi rage kuɗin mita?

Aminu Ɗan Poli:
Baba naka daban ne, kai fes ɗaya kake amfani da shi a lokaci guda tare da nutural, zaɓa kawai kake yi. Amma in ka bi wayar har taransifoma, ɓangaren da ke ba unguwa wuta sita ne, mahaɗar tsakiyarsa ita ce nutural ɗin da ke zuwa gidanka, shi ya sa ake samun 230 da 400 daga taransifoma guda. Ɓangaren 11,000 kuma delta ne, waya uku kawai ba nutural. Kuɗin mita ba ruwansa da wannan.

Sani Mai Casa:
To tunda an zo maganar nutural, yaron ya so ya ja nutural zuwa inda ƙarafan suka haɗu na hana shi don ban ga an yi haka a tsohon motona ba. Na yi daidai?

Injiniya Hadiza:
Ka yi daidai. Koyil ukun iri ɗaya ne, amf ɗinsu ɗaya, kuma da tazarar 120 ɗin da Aminu ya faɗa, a kowane lokaci abin da ke shiga ta ɗaya yana fita ta sauran biyun, jimlarsu sifili, ba abin da ya rage da zai koma ta nutural. A gidaje ne ake buƙatarsa don can kaya ba daidai suke ba, wannan fes yana ɗauke da firji goma wancan ƙwan fitila biyar, kuma in nutural ɗin ya tsinke a falwaya shi ne za ka ji gidajen da ke kan fes mara kaya wutarsu ta haura talabijin sun ƙone, na kan fes mai kaya kuma ta yi ƙasa. Wayar as dai, wato wayar kariya da ke haɗa jikin moto da ƙasa, dole ce, ita kar a bar ta.

Ga yadda ƙarafan za su koma:

```
W2  U2  V2
|   |   |
U1  V1  W1
```

U1 da W2, V1 da U2, W1 da V2, wayoyin wuta su zauna inda suke. Amma kafin a ba shi wuta a kai shi ko a kira mai mega, wato mitar da ke gwada ko rufin wayar koyil na yoyon wuta, ya gwada, tunda ya riga ya yi wari.

Oga Bala Mai Naɗi:
Wannan na ƙarshen shi ne maganar. Shekarata talatin ina naɗin koyil, moton da ya yi warin banish ba a yarda da shi sai an duba. Cire ƙarafan duka, auna U1 da U2, V1 da V2, W1 da W2, ukun su zo kusan ɗaya, sannan mega tsakanin kowane koyil da jiki da kuma koyil da koyil. In ka cire murfin baya ka ga naɗin ukun duk sun yi duhu iri ɗaya to wahalar kaya ce irin wannan. In fes ɗaya ne ya ɗauke yana aiki, ƙunar ba ta zuwa daidai, a sita biyu ke ƙonewa ɗaya ya tsira, a delta ɗaya ke ƙonewa biyu su tsira, da ido nake gane abin da ya faru kafin mai shi ya buɗe baki.

Sai dai Injiniya ni ban goyi bayan a sa shi delta kai tsaye a danna ba. Kilowat 11 in ya tashi a delta zai ja ninki shida ko bakwai, amf wajen 140 na ƴan daƙiƙu, maƙwabta za su ga fitila ta lumshe, bel ma zai sha wuya. A yi masa sita-delta, ya tashi a sita da wajen amf 45 zuwa 50, in ya ɗau gudu taima ta mayar da shi delta. Moton 400/690 ai don haka aka yi shi.

Injiniya Hadiza:
Na yarda Oga Bala, shi ne daidai, na ba shi na ƙarafan ne don ya ga bambancin da idonsa. In za a yi sita-delta to a cire ƙarafan gaba ɗaya, waya shida za su taho daga fanel, kontakta uku da taima. Abu biyu a kiyaye. Injin ya tashi babu shinkafa a ciki, don a sita kashi ɗaya cikin uku na ƙarfi gare shi, in da kaya ba zai kai gudu ba kuma lokacin da ya koma delta zai fizgi amf kamar ba a yi komai ba. Na biyu obalod: a yawancin fanel yana ƙarƙashin babban kontakta ne a kan wayoyin da ke tafiya U1 V1 W1, wato amf na koyil yake gani ba na layi ba, don haka 12.2 za a saita ba 21 ba. In aka bar shi 21 a wannan wurin an koma gidan jiya.

Hajiya Mai Burodi:
Ku yi haƙuri na shigo da nawa. Oban ɗina na wuta hita uku gare shi, bayan an gyara shi sai ya daina zafi sosai, burodin da ke gasuwa a minti 25 yanzu sai ya fi awa. Mai gyaran ya ce duk hitocin lafiya. Ko irin wannan ne?

Aminu Ɗan Poli:
Hajiya zai iya zama shi. Misali in kowace hita om 40 ce, a delta tana shan 400, amf 10 kenan, wat 4,000, uku su ba da kilowat 12 kuma a layi za a ga amf 17.3. Hitocin nan dai in aka mayar da su sita, 230 a kan 40 amf 5.75 ne, jimla kilowat 4 saura kaɗan. Kashi ɗaya cikin uku cif. Amma a duba abin da aka buga a jikin hitar tukuna, in 230 aka rubuta to sita ne daidai, matsalar wani wuri take, kar a sa ta delta ta fashe.

Garba Wayarin:
To ashe sita na rage shan wuta kenan, kashi uku ya koma ɗaya. Me zai hana Malam Sani ya bar shi a sita ya riƙa zuba shinkafa kaɗan kaɗan ya huta da kuɗin wuta?

Injiniya Hadiza:
Hita da moto ba ɗaya ba ne Malam Garba. Hita abin da ka ba ta take sha, moto kuwa abin da kaya suka nema yake ƙoƙarin ja ko zai kashe shi. Lissafin ƙarfi a layi ɗaya ne ko sita ko delta:

```
P = 1.73 × V × I × cos φ
```

Na Malam Sani a cikakken kaya a delta, 1.73 sau 400 sau 21 sau 0.84, kilowat 12.2 yake ja, 11 su fita ta shaf sauran su tafi a zafi. In ka bi ta koyil ma, 400 sau 12.1 sau 0.84 sau uku, wuri ɗaya za ka sauka. Buhun shinkafa aikin da yake buƙata bai canza ba don an juya ƙarafa, in ya rage zubi zai daɗe ne kawai.

Oga Bala Mai Naɗi:
A nan Garba yana da ƴar gaskiya fa Injiniya. Moton da ya fi ƙarfin aikinsa nesa, yana ɗauke da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, na sha mayar da shi sita ya yi sanyi amf ya sauka, shekaru yana aiki.

Injiniya Hadiza:
Ga fanka ko abin da kayansa ba sa canzawa na yarda, in an sauke obalod zuwa lambar sita. Injin casa kuwa hannun yaro ne ke buɗe maƙogwaro, rana ɗaya layi zai yi tsawo ya buɗe da yawa. Ni ba zan ba da wannan shawarar a nan ba.

Oga Bala Mai Naɗi:
Ni kuma na ga inda ya yi, amma naki ma da hujja.

Sani Mai Casa:
Na dawo da labari. An yi mega lafiya, koyil ukun sun zo daidai, naɗin ya ɗan yi duhu amma mai gwajin ya ce zai yi aiki sai dai kwanansa ya ragu. Mun juya ƙarafan don gwaji kafin a gama haɗa fanel, da buɗin maƙogwaro irin na da amf 15 yake nunawa a layi, muryarsa ba ta sauka, awa biyu ina iya ɗora hannu. Yaron ma ya tsaya ya gani da idonsa, ya ɗauki hoton farantin. Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya, janaretana 20 kVA ne, zai iya tayar da shi in an gama sita-delta?

Aminu Ɗan Poli:
20,000 a raba da 1.73 sau 400, amf 29 kenan a kowane layi. Gudun zai riƙe tunda 21 ne iyaka, tashin ne nake shakka, 45 zuwa 50 ya fi 29.

Oga Bala Mai Naɗi:
Janareta mai lafiya yana jure fiye da lambarsa na ƴan daƙiƙu, na ga 20 ya tayar da irinsa ba kaya, na kuma ga wanda ya durƙusa daidai lokacin da taima ta juya kontakta suka saki. Turo hoton farantin janaretan da na kan altanetan mu gani, kuma ka faɗa mana me da me ke kansa bayan injin.